Cigiyar salula: me za a faɗa, me za a riƙe a ciki?

*Tambaya: Salular Innarmu ta ɓace ran Juma'a, tsakanin babbar kasuwar Maradi da gida. Ina son in rubuta cigiya in tura wa mutanen unguwa, amma akwai hotunan iyali da kuɗi a layin. Me zan rubuta wanda zai sa a maido ta, ba tare da na tona mana asiri ba?*

Allah ya bayyana ta, ɗan'uwa. Ka gaida Inna, ka ce mata ta kwantar da hankalinta.

Aikina gyaran salula ne, kuma a teburinmu ake haɗuwa da kowa: wanda ya yar, wanda ya tsinta, da wanda ya zo a cire masa makulli yana rantsuwa tasa ce. Abin da zan faɗa maka daga nan na koye shi. Kafin ka rubuta ko kalma guda, ka zauna da Inna ku lissafa duk abin da kuka sani game da wayar, sannan ku raba shi gida biyu. Kashi na farko shi ne abin da zai sa wanda ke riƙe da ita ya gane cewa ita ake nema. Kashi na biyu shi ne abin da babu mai saninsa sai ku da wanda wayar ke hannunsa da gaske. Na farkon ne kaɗai zai shiga cigiya. Na biyun ka riƙe shi a ranka, don da shi za ka auna duk wanda ya kira ka. Haka masu cigiyar akuya ke yi tun da can: su faɗi launinta da inda ta ɓace, su yi shiru a kan tsagar da ke kunnenta, sai an nuna masu ita.

Wanda ya tsinci waya ba ya buƙatar bayani mai yawa kafin ya gane. Abu huɗu sun ishe shi: irin wayar, launinta, ranar da lokacin, da wurin. A ce ta Inna Tecno ce ta shafawa, shuɗiya. To ka ce hakan ka tsaya. Kada ka faɗi cewa gilashinta ya tsage ta kusurwar dama, ko cewa rigarta ja ce mai furanni, ko cewa akwai ƴar takarda a naɗe a bayan rigar. Waɗannan su ne na gida na biyu. Wuri kuma ka ba shi faɗi daidai gwargwado. Idan ka ce "a Maradi" ba ka faɗi komi ba, idan kuma ka ce "daga rumfar wance zuwa ƙofar gidanmu da ke bayan masallacin kaza" ka nuna wa duniya gidanku da hanyar da tsohuwa ke bi ranar kasuwa. Sunan kasuwa da sunan unguwa sun wadatar. Idan ta hau adaidaita ko kabu-kabu, lalle ka faɗa, domin wayoyi da yawa a kujerar adaidaita suke zamewa, kuma direban da ya share abin hawansa da dare ya ga waya shi ne mutum na farko da kake son saƙon ya kai gare shi.

Ga yadda zan rubuta ta da ni ne:

> Assalamu alaikum. Ana cigiyar salula Tecno ta shafawa, shuɗiya. Ta ɓace ran Juma'a tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 12 na rana, daga babbar kasuwa zuwa unguwar Zariya, mai yiwuwa a cikin adaidaita. Wayar a kulle take, an kuma sanar da hukuma. Wanda ya tsinta ko ya ji labarinta ya kira wannan lamba: (lambar wanda zai riƙa amsawa). Akwai tukuici. Allah ya saka da alheri.

Ka ƙara kwanan wata a kan "ran Juma'a", saboda saƙo irin wannan yawo yake yi daga hannu zuwa hannu, bayan wata biyu ma sai ka ga ana tura shi. Maganar kulle da ta hukuma kuwa, sai in gaskiya ce za ka rubuta. Idan wayar ba ta da makulli, ka cire jimlar gaba ɗaya, kada ka yi ƙarya, kada kuma ka ce a buɗe take. Amfanin jimlar shi ne ta sanar da mai tunanin sayarwa cewa abin da ke hannunsa ba zai yi masa kuɗin kirki ba, tukuici ya fi masa sauƙi. Ka lura kuma ban rubuta "an sace" ba. Ko da zuciyarka na raya maka sata ce, ka ce ta ɓace. Yaron da ya ɗauke ta a ƙasa ya ɓoye kwana biyu yana iya kawo wayar da ta ɓace ya karɓi godiya, amma ba zai taɓa kawo wadda aka ce an sace ba, don ya san sunan da za a kira shi da shi.

Yanzu ga abin da mutane suka fi zubawa a cigiya suna ganin taimako ne. Na farko, kuma wanda ya fi damuna, shi ne roƙo irin na "don Allah a taimaka, akwai kuɗin adashi a layin, akwai hotuna masu muhimmanci". Mai rubutawa yana son a tausaya masa ne, amma abin da ya yi shi ne sanar da mai riƙe da wayar cewa abin da ke ciki ya fi wayar daraja. Wanda da zai cire layi ya jefar, yanzu zai ajiye shi ya fara dabara. Wanda ya ji maganar hotuna kuma yana iya mai da su abin ciniki, kuma idan hotunan mata ne na cikin gida, ka san irin ɓarnar da hakan ke yi a garin nan. Don haka babu maganar kuɗi, babu maganar hotuna, babu maganar takardu. Sunan Inna ma ba ya da aiki a ciki, haka shekarunta, haka hotonta. Wasu sukan saka hoton da ke fuskar wayar wai don a gane, alhali wannan hoton yana cikin manyan shaidunka, kuma galibi fuskar jika ce ko ta ɗiya. Idan kana son saka hoto, ka sa na irin wayar, wanda ke jikin kwali ta gaba, ban da gefen da ke da lambobi.

Lambar layin da ke cikin wayar ma kada ta shiga. Na san hankali yakan ce a rubuta ta don a gane, amma wanda ya tsinci waya a kulle ba ya ganin lambar layinta, saboda haka ba ta taimaka masa da komi. Wanda take taimaka wa shi ne ɗan damfara: ya sami lambar tsohuwa, ya san ta rabu da wayarta, ya san ƴaƴanta na cikin damuwa. Lambar da za ka bayar ta zama ta mutum ɗaya, namiji baligi mai sanyin kai, kai ko yayanka. Kada ka ba da ta ƙanwarka budurwa ko ta matarka, don bayan an manta da waya kiran dare ba ya ƙarewa. Idan kana da layi na biyu wanda babu asusun kuɗi a kansa, shi ya fi.

Sai maganar IMEI, wadda ake yawan rikicewa a kanta. Kowace salula tana da wannan lamba mai alƙaluma 15, kuma waya mai ɗaukar layi biyu tana da guda biyu. Ana ganinta a jikin kwali, wani lokaci a takardar saye, ko kuma a kan wayar kanta idan an danna:

```
*#06#
```

Lambar ta jikin waya ce, canza layi ba ya canza ta. Alƙaluma 8 na farko suna nuna samfurin wayar ne kawai, wayoyi da yawa iri ɗaya da su suke farawa, na bayan su ne ke bambanta taku da ta wani. Wannan lamba ita ce hujjarku mafi ƙarfi, shi ya sa ba a watsa ta. Ranar da ka rubuta ta a cigiya, duk wanda ya karanta ya zama yana iya kiranka ya karanto maka ita kamar wayar na gabansa, yana kuma iya rubuta ta a takardar saye ta ƙarya. Wurin da za ka kai ta shi ne komisariya, lokacin da za ka yi rajistar ɓatan, tare da kwalin da katin shaidarka. Takardar da za su ba ka ka adana ta, don ita za ta tsaya maka idan wata rana aka ga wayar a hannun wanda ya ce saye ya yi. Idan kwalin ya ɓace kuma wayar na da asusun Google, sau da yawa ana iya ganin lambar a shafin neman waya da zan ambata yanzu.

Akwai aikin da ya kamata ya riga cigiya, kuma jerinsa na da muhimmanci. Ka fara kiran wayar. Idan tana ringi, akwai fata sosai, wataƙila tana ƙarƙashin buhu a wata rumfa. Ka tura mata gajeren saƙo mai ɗauke da lambarka kawai. Daga nan, idan kun san adireshin Google na wayar da kalmar sirrinsa, ka shiga `android.com/find` ta wata wayar. Idan tata a kunne take kuma tana da intanet, za ka iya ganin yankin da take, ka sa ta yi ƙara na minti 5 ko da an kashe mata murya, ka kuma kulle ta ka rubuta saƙo da lambar kira da za su fito a fuskarta. Wannan saƙon shi ma cigiya ce, ƙa'idarsa ɗaya: "Wannan waya ta ɓace, a kira wannan lamba, akwai tukuici." Akwai wurin share komi da ke cikinta, amma kada ka yi gaggawar taɓa shi, don bayan sharewa ba za ka ƙara ganin inda take ba. Ana yin sa ne idan an fid da rai.

Idan taswira ta nuna maka wuri, ina roƙonka kada ka ɗauki hotonsa ka watsa. Ɗigon da kake gani ƙiyasi ne, yana iya kaucewa da gidaje da dama, kuma a unguwanni irin su Bagalam ko Mokoyo inda gidaje ke manne da juna, za ka jefa zargin sata a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Kada kuma ka tara samari ku tafi. Ka nuna wa ƴan sanda, ko ka sami mai unguwar wurin a asirce.

Layin fa? A nan sai an yi zaɓi, domin da zarar an rufe layi ba za ka iya kiran wayar ba, intanet ɗinta ma ya yanke. Duk da haka, tunda akwai kuɗi a kai kuma yau an riga an kwana, ni shawarata a rufe shi yau ɗin nan. Dalili kuwa, makullin fuskar waya ba ya kare layi. Ana zare layin a sa a wata ƙaramar waya, sai duk saƙonnin lambar sirri su riƙa shigowa can, in dai ba an sa wa layin kansa PIN ba, kuma mutane ƙalilan ne ke sawa. Da wannan ake buɗe WhatsApp na mutum a wata waya a shiga roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Ku je ofishin kamfanin layin, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, da katin shaidar wanda aka yi rajistar layin da sunansa, a rufe tsohon a ba ku sabo mai lamba ɗaya. Nan ne ake shan wahala idan da sunan wani aka sayi layin, don haka ka bincika tun kafin ku fita. Da an karɓi sabon layi, ka sa shi a wata waya ka buɗe WhatsApp ɗin Inna da lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6 da za a turo, nan take na tsohuwar wayar zai rufe. Ku canza lambar sirrin asusun kuɗi, kuma idan akwai manhajar aika kuɗi irin ta Nita ko Amana a cikin wayar, ku sanar da su su ma. Dangi na kusa kuma ka gaya masu a keɓe cewa duk saƙon neman kuɗi da ya zo da sunan Inna a kwanakin nan kada su amsa sai sun ji muryarta.

To, cigiya ta fita, waya ta fara ƙara. A nan kashi na biyu zai yi maka aiki. Ka bar mai kira ya yi magana, kai tambaya kawai za ka yi, kuma tambayar da ba ta ɗauke da amsarta. Kada ka ce "rigarta ja ce ko?", domin kowa zai ce e. Ka ce: "Malam, wace irin riga ce a jikinta? Akwai wani tabo a gilashin, ta ina? In ka danna maɓallin gefe, hoton me ke fitowa?" Mai gaskiya zai juya wayar a hannunsa ya amsa maka cikin daƙiƙa kaɗan, har ya ƙara da abin da ba ka tambaya ba. Idan caji ya ƙare ya kasa ganin hoton, riga da tabo suna nan. Maƙaryaci kuwa zai maimaita maka abin da ka rubuta ne, shuɗiya, Tecno, kasuwa, sannan ya fara hanzari. Zai ce yana Ɗan Isa ko ya riga ya wuce Tasawa, wayar na hannun yaronsa, ka turo jika biyu ko uku kuɗin mota a kawo maka. Wanda ya tsinci waya don Allah ba ya neman kuɗi kafin a ga waya. Ka ce masa ya ajiye ta wurin wani da ka sani a garin, ko ya ba direban tasha, a biya idan ta iso. In ya ƙi duka biyun, ka kashe wayarka.

Akwai wata dabara da ta fi wannan muni, don tana kama masu wayo ma. Mai kiran zai ce yana son ya tabbatar taku ce, saboda haka ka faɗa masa lambar buɗe ta, ko ka karanto masa wasu alƙaluma da za su shigo maka ta saƙo yanzu. Wani lokaci saƙo ne zai zo kamar daga kamfanin waya, wai an gano inda take, ka shiga wani shafi ka sa kalmar sirri. Sau da yawa wanda ke yin haka wayar na hannunsa da gaske, makulli ne ya hana shi sayarwa. Wayoyin yanzu ko an share su sukan nemi asusun Google na mai su kafin su buɗe, to wannan asusun yake farauta. Lambar buɗewa ba a faɗinta a waya ko ga wa. Tabbatarwa gaba da gaba ake yinta, Inna ta sa hannunta ta buɗe a gaban shaidu.

Shi ma wanda ya tsinta yana da haƙƙin ya tambaye ka, kuma kada ka ji haushi idan ya yi, alama ce ta mutumin kirki. Malamanmu sun karantar da mu hukuncin tsintuwa: mai tsintuwa ya kiyaye siffofin abin, ya yi cigiya har shekara, ya ba wanda ya zo ya siffanta shi daidai. Saboda haka idan ya ce ka faɗi alama, ka ba shi guda ɗaya, misali ƴar takardar da ke bayan riga, ka bar shi ya faɗi wata. Kowa ya ba da ɗaya ya karɓi ɗaya. IMEI kuwa a bar ta sai an haɗu.

Wurin haɗuwa kai za ka zaɓa, da rana, inda jama'a suke: ƙofar gidan mai unguwa, bakin masallaci bayan la'asar, rumfar wani dattijo da aka sani a kasuwa, ko komisariya idan ranka bai kwanta ba. Kada ka ce a kawo gida, kada kuma ka bi kwatancen wani lungu bayan magariba. Ku je ku biyu, da kwalin a hannu. A kunna wayar, a buɗe, a danna `*#06#`, a gwada alƙaluman da na jikin kwali ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ka duba ko layukan da katin ajiya suna ciki. Sai bayan haka tukuici. Ban sa adadinsa a cigiyar ba da gangan, domin in ka rubuta jika goma ka buɗe ƙofar ciniki, in ka rubuta kaɗan kuma mai tsintuwa zai auna shi da kuɗin wayar a kasuwa. Ka ba da abin da ya sauƙaƙa da fuska a sake. Idan direban adaidaita ne ya bar aikinsa ya zo, ka haɗa masa da kuɗin mai. Kuma kada ka ɗauki hotonsa ka watsa da sunan yabo sai ya yarda, wasu ba sa so a san su.

Idan wayar ta kwana a hannun da ba ku sani ba, musamman in ba ta da makulli, ka canza kalmar sirrin Google, ka shiga WhatsApp wurin na'urorin da aka haɗa ka cire duk wadda ba ku gane ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa wa sabon layin PIN. Ka rubuta wa Inna lambar a wuri mai kyau a gida, domin in aka yi kuskure sau 3 layin zai kulle sai da PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki.

Kada ka tsaya ga rubutu kaɗai. Da yawa daga masu tsintar waya a kasuwa, ƴan dako da masu tura baro da mata masu talla, saƙon rubutu ba ya isa gare su. Ka karanta cigiyar da murya ka tura, da kalmomin nan dai ba ƙari, don a saƙon murya ne baki ke zarcewa a faɗi abin da aka ce a riƙe. Ka kai ta ga shugabannin ƴan adaidaita na tashar da Inna ta hau, da masu gyara da sayar da waya na kewayen kasuwa, ka roƙi liman a faɗa bayan salla, in da hali a ba gidan rediyo. Litinin ma ranar kasuwa ce, mutanen ƙauye da suka zo ran Juma'a da yawansu za su dawo, don haka ka sake zagayawa ranar. Mu masu gyara za ka iya ba mu alƙaluma 4 na ƙarshen IMEI, baki da baki, ga wanda ka yarda da shi, sun ishe mu ganewa idan an kawo ta cire makulli.

Ranar da aka same ta, ko ranar da kuka haƙura, ka koma duk inda ka tura ka goge cigiyar idan tana goguwa, ka rubuta layi ɗaya: "An sami wayar da aka yi cigiya ran kaza, mun gode, a daina turawa." Ba sai ka faɗi wanda ya kawo ta ko inda aka same ta ba. In ba ka yi haka ba lambarka za ta ci gaba da yawo, masu neman kuɗin mota su yi ta kiranka har bayan Inna ta manta da zancen.